Sallamar da ba ta da jira: nazari a kan ƙofar gida a wasanninmu na kwaikwayo

Duk wanda ya saba kallon wasannin kwaikwayo na makarantu da na ƙungiyoyin al'adu a Tanut zai lura da abu ɗaya da ke yawan maimaituwa. Ɗan wasa yakan ce «salamu alaikum» alhali ƙafarsa ta riga ta taka tsakiyar dandali, maigida kuma ya amsa bayan baƙo ya zauna. Kalmar tana nan, amma an cire mata jira, wanda shi ne ginshiƙinta. Wannan salo ya yi kama da na finafinan Kano da yawa, inda labari ke gudana cikin falo, baƙo ya turo ƙofa da sallama a bakinsa. A gidajen Damargu ba haka ake yi ba.

A gida mai zaure, namiji baƙo yana tsayawa a gefen ƙofa don kada idonsa ya faɗa ciki. Ya ɗaga murya ya yi sallama, sannan ya yi shiru. In ba a amsa ba ya sake, har sau uku, daga nan ya juya. Tushen wannan yana cikin Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, waɗanda suka hana shiga gidan wani sai da izini da gaisuwa, suka kuma umarci wanda aka ce ya koma da ya koma. Iyakar sau uku ta zo ne a hadisin Abu Musa al-Ash'ari, ranar da ya juya daga ƙofar Sayyidina Umar. Yawanci yaro ne ke fitowa, a ce masa: «Shiga ka ce ana sallama da maigida.» Ya dawo da tambaya, «Wai in ji wa?», baƙo kuwa ya faɗi sunansa, domin «ni ne» ba amsa ba ce. Mace ita tana wuce zaure, amma takan dakata a bakin tsakar gida ta yi tata sallamar, sai an ce mata maraba ta ƙarasa.

Damargu tana da abin da zai ƙara wa mai shirya wasa haske, domin ƙasa ce da Hausawa da Dagirawa da Abzinawa da Fulani suke zaune tare, kuma ba kowane gida ke da bango ba. A ƙauye dangar kara ce kawai, wadda ake hango ciki ta samanta, don haka mai ladabi yana tsayawa nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai. A zangon makiyaya wajen Belbeji ko dangar ma babu. Baƙo yakan tsai da raƙuminsa da ƴar tazara daga bukkoki, ya jira a fito a tarbe shi. Wannan ya nuna cewa ba katanga ce ke tsare sirrin gida ba, tsayawar baƙo ce ke tsare shi.

Asarar da ake yi a dandali ba ta ladabi kaɗai ba ce, har da ta fasaha. A ɗauki misalin mai bin bashin gero da ya zo ƙofar manomi bayan girbi. Sallamar farko, shiru. Ta biyu, aka ji ɗakan da ake yi a ciki ya tsaya. Ta uku, yaro ya leƙo ya ce: «Wai ya ce ba ya nan.» Kafin a ambaci bashi, ƴan kallo sun gane cewa rumbu bai cika ba, kuma maigida kunya ta kama shi. A sauya baƙon da suruki: tun sallamar farko za a fito da tabarma da ruwa, maigida da kansa ya biyo baya yana gyara hula. Tsawon jira, da wanda aka aiko, da fitowar tabarma ko rashinta, su ne ke faɗa wa mai kallo matsayin baƙo. Wasan da ya tsallake su dole ya koma dogon surutu don bayyana abin da shiru zai iya nunawa.

Masu shirya wasa sukan kawo uzurin ƙarancin lokaci da rashin zaure a filin makaranta. Uzurin yana da ɗan ƙarfi, gama jiran da ya yi tsawo yana gundurar ƴan kallo. Sai dai zana ɗaya da aka tsayar a gefen dandali ta isa ta raba waje da ciki, shirun da bai kai rabin minti ba kuma ya isa. Zangon makiyaya ma ya koyar da cewa ana iya yin ƙofa da tazara kawai.

Malamai su ne abin ya fi shafa, domin yaran da suke shiryawa su ne ƴan aiken gidajensu, waɗanda ke tsakanin zaure da tsakar gida. Idan dandali ya nuna musu cewa sallama kalma ce da ake furtawa ana cikin tafiya, haka za su riƙa faɗa wa matan gida ba shiri. Kafin a ba yaro jawabinsa ya haddace, ya kamata a fara nuna masa inda zai tsaya, da tsawon shirun da zai yi.