Jinjina Ga Limaman Hudubar Rigakafi

Duk wanda ya san yadda jama'ar Kano suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003, saboda raɗe-raɗin cewa yana hana haihuwa, har cutar ta bazu zuwa maƙwabtan ƙasashe, wajibi ne ya jinjina wa limaman da suka hau mumbari suka bayyana cewa neman magani riƙo ne da sababi, ba ya warware tawakkali. Suka kafa hujja da komawar Sayyidina Umar daga hanyar Sham saboda annoba, suka haɗa wanke hannu da babin tsarki, suka hori magidanta su kai mata awon ciki. Wasunsu ma suka ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar jama'a.