Jinjina Ga Masu Sanar Da Rasuwa

Daga cikin mutanen da al'umma ke cin moriyarsu ba tare da an ambace su ba, akwai wanda idan aka yi rasuwa a gida, kafin a gama wanka da likkafani, yakan ɗauki wayarsa ya isar da labarin guda ɗaya ga jama'a dabam-dabam, ko da yake hoton marigayin da yake turawa ba ya canzawa.

Ga dangi na jini, musamman tsofaffi da masu raunin zuciya, ba ya tura hoton tukuna, sai ya rubuta wa babban wansu cewa jikin Baba ya yi tsanani, a taho gida, domin ladabinmu bai yarda mummunan labari ya riski uwa tana ita kaɗai ba, har sai an sami mai zama kusa da ita ya yi mata tausasawa. Aminai kuwa, su za su ɗauki makara, saboda haka yakan gajarta musu: Allah ya yi wa Baba rasuwa, jana'iza bayan azahar a ƙofar gida. Abokan aiki suna bukatar cikakken sunan marigayin, da dangantakarsa da ma'aikacin, da unguwar da za a zauna makoki har sadakar uku, don su san ranar da za su haɗu su je ta'aziyya.

Ga na nesa yakan fara da istirja'i, ya roƙi addu'a, ya ɓoye cutar ajali, wadda sirrin iyali ce. Idan kuwa ya yi kuskuren tura musu saƙon aminai, sai ka ga baƙo yana yawo a gari da azahar yana tambayar wace ƙofar gida ake nufi.