Hukuncin Nun Mai Sukun da Maddi ga Mai Fara Tajwidi

Nun mai sukun ita ce wadda babu wasali a kanta, wato mai ɗauri. Tanwini ma nun ce a wajen furuci, ko da yake ba a rubuta ta. Hukuncinsu ɗaya ne, kuma harafin da ya biyo baya shi ke yanke shi. Haka Sulaiman Aljamzuri ya tsara babin a Tuhfatul Aɗfal, ɗan littafin da ya gama a shekarar 1198 ta Hijira, wanda ake karantarwa a makarantun Islamiyya har yau.

Idan ɗaya daga haruffan maƙogwaro 6 ya biyo baya (hamza, ha, ain, ha mai kauri, gain, kha), sai a yi izhari: kan harshe ya taɓa dasashin sama, nun ta fito sarai ba tare da an tsawaita gunna ba. A nan ne Bahaushe ya fi tuntuɓe. A Hausa, nun ɗin da ke gaban alhamza ko h tana komawa can bayan baki, kamar ta "ɗan'uwa". Mai karatu kan kwaso wannan sabo ya zuba a "an'amta" ko "minhum", sai nun ta narke a hanci. Maganinsa shi ne ya lura ko kan harshensa ya taɓa sama kafin ya wuce. In bai taɓa ba, bai yi izhari ba.

Idgami shi ne shigar da nun cikin harafin gaba, haruffansa 6 da aka tara a kalmar "yarmaluna". Da lam da ra nun tana ɓacewa gaba ɗaya. Da ya, nun, mim da wawu kuwa gunna tana saura gwargwadon haraka 2. Sharaɗinsa a kasance cikin kalmomi biyu, shi ya sa ake bayyana nun a "dunya", "bunyan", "ƙinwan" da "sinwan". Iƙlabi harafinsa ɗaya ne, ba, inda nun ke juyewa mim. Wannan bai yi wa Bahaushe wuya ba, tunda "gidan Bala" ma "gidam Bala" yake cewa; abin da yakan manta shi ne riƙe gunnar. Sauran haruffa 15 na ikhfa'i ne: harshe ya nufi mafitar harafin gaba ba tare da ya manne a mafitar nun ba, sautin yana fita ta hanci, ya yi kauri a gaban irin su ƙaf da sad, ya sirance a gaban ta da sin.

Maddi kuma jan sauti ne a kan alif bayan fataha, wawu mai sukun bayan rufu'a, ko ya mai sukun bayan kisira. Asalinsa haraka 2, kuma haraka ita ce lokacin furta harafi ɗaya mai wasali. Ƙirgen da ake koya wa yara da lanƙwasa yatsa taimako ne kawai, domin ma'aunin yana tafiya da saurin karatun. Abu biyu ke sa a ƙara a kan asali: hamza ko sukun. Hamza bayan harafin maddi a kalma ɗaya ita ke ba da muttasil, a farkon kalma ta gaba kuma munfasil. Hafs ta hanyar Shaɗibiyya yana jan su haraka 4 ko 5, Warsh ta hanyar Azraƙ kuwa 6. Wannan bambanci ya shafi ƙasar Hausa sosai, inda ɗalibi kan taso da Warsh a makarantar allo sannan ya tarar da Hafs a Islamiyya, ya riƙa cakuɗa su bai sani ba. Sukun na dindindin, kamar shaddar "alhaaƙƙa", yana wajabta 6 a ruwayoyin biyu. Sukun da tsayawa ta kawo a ƙarshen aya yana karɓar 2, 4 ko 6, amma wanda aka zaɓa da shi ya kamata a ci gaba.

Sunan surar Anbiya'i ya haɗa babin biyu. Nun mai sukun ta gamu da ba, sai ta zama mim, leɓɓa su haɗu a hankali, gunna ta ɗauki haraka 2. Bayan ya akwai alif, hamza na biye da shi a kalmar, wato muttasil, wanda mai Hafs zai iya kai shi 6 idan ya tsaya a kan hamzar. Mai karatu zai iya gwada kansa ta hanyar toshe hanci: a kan mim sautin ya kamata ya shaƙe, a kan alif kuma ya fita tas ta baki. Idan ya shaƙe a kan alif, gunna ta malala cikin maddi, sai a sake buɗe baki a maimaita a gaban malami.