Hanyoyi Huɗu na Haɗa Oda a Mangaza: Misalin Magunguna a Dakoro

Haɗa oda shi ne zaƙulo kayan da takardar buƙata ta lissafa daga kantocin mangaza, kuma hanyoyinsa huɗu sun bambanta ne wajen raba wahala tsakanin tafiya da rarrabewa. Dakoro, inda ƙungiyar MSF ta kula da yara masu tamowa lokacin ƙarancin abinci na 2005, ta dace da wannan nazari, domin asibitocin karkararta suna warwatse, kayansu kuma sun haɗa da ƙwayoyi, da alluran rigakafi, da kwalayen abincin tamowa masu ɗauke da ƙunshi 150.

A ƙaddara asibitoci goma sun aiko da takardunsu, zagayen mangaza kuma mita 60 ne. A hanyar oda ɗaya-ɗaya, ma'aikaci yana kammala takarda guda kafin ya ɗauki wata, wanda ke nufin zagaye goma, wato mita 600, amma da wuya kayan wani asibiti su faɗa kwalin wani. A hanyar gamayya kuwa, ana haɗa takardu biyar a ɗebo jimillar kowane magani lokaci guda, sai tafiyar ta koma mita 120, amma aikin ya ƙaura zuwa teburin rarrabewa, inda kuskure yake ɓuya. Alamarsa ita ce ragowar kaya a tebur bayan an rufe kwalaye, domin ƙunshi ɗaya da ya rage yana iya nufin an tauye wani asibiti.

Hanyar shiyya tana raba mangazar ce, kowane ma'aikaci da ɓangarensa, kuma a nan yanayin kayan ne yake tilasta ta, tunda yawancin alluran rigakafi suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, alhali kwalayen tamowa ƙarfin ɗauka suke nema. Rauninta shi ne oda ba ta cika sai shiyya mafi nawa ta gama.

Hanyar zango-zango tana tsara lokaci, ta yadda ake sakin takardu rukuni-rukuni gwargwadon tashin mota: na hanyar Kornaka a zango ɗaya, na yankin makiyaya na arewa a wani. Idan motar ta makara, kamar yadda yakan faru da damina, kayan da aka haɗa suna toshe bakin ƙofa, shi ya sa ba a fitar da allurai daga firji sai ta tsaya.

Saboda haka a ƙaramar mangaza irin wannan, inda mita 480 da gamayya ta rage ba su wuce tafiyar mintoci kaɗan ba, amma gyaran kuskure ɗaya yake jiran mota ta gaba, zango-zango haɗe da oda ɗaya-ɗaya, tare da keɓe shiyyar sanyi, shi ne tsarin da ya fi dacewa.