Iyakar hinji a SolidWorks: daga ƙarfe ake samo ta

Duk wani ɓangare da aka saka a cikin haɗin SolidWorks yana zuwa da hanyoyin motsi shida, uku na zamewa, uku na juyawa, kuma aikin mates shi ne rage su har a bar wanda ake so kaɗai. Mu ɗauki ƙofar akwatin lantarki. Jikin akwatin ne ake fara sakawa, a kafe shi, alamar (f) ta fito a gaban sunansa. Sai a sa Concentric tsakanin ramin hinji da sandarsa, wanda ke kwashe hanyoyi huɗu, sannan Coincident a fuskokin da ke gogar juna, don ƙofar ta daina hawa da sauka a kan sandar. Saura juyawa kawai. To amma ƙofar nan za ta zagaya digiri 360, ta ratsa bangon akwatin ba abin da zai tare ta, domin manhajar ba ta san ƙarfe yana da tauri ba.

A nan Limit Angle ke shigowa, kuma a nan aka fi yin sakaci. Lambobin da aka rubuta masa ikirarin mai zane ne kawai, manhajar ba ta bincika gaskiyarsu. Wanda ya rubuta 0 zuwa 120 don ya yi masa daɗin ido, alhali bakin ƙofar yana dukan jikin akwatin a 110, ya zana ƙofar da ba za a iya ƙerawa ba. Hanyar da ta dace ita ce a ja ƙofar da Move Component, a kunna Collision Detection tare da Stop at collision, a auna kusurwar da ta tsaya, sannan a rubuta wannan lambar.

Wani zai ce, to me ya sa ba a tsaya ga Collision Detection ɗin ba? Saboda yana aiki ne muddin umarnin na buɗe. Da an rufe shi, ƙofar ta koma ratsa bango. Wani kuma zai ce Hinge mate yana haɗa ukun a wuri guda. Haka ne, kuma yana rage cunkoso, amma shi ma lambar da aka ba shi yake bi.

Akwai kuma matsalar kifewa. Kusurwa tsakanin fuskoki biyu ba ta bambance digiri 30 a waje da digiri 30 a ciki, don haka idan iyaka ta faɗa a kan 0 ko 180, jan ƙofar da sauri na iya tsallakar da ita ta buɗe cikin akwatin, ba tare da wani gargaɗi ba. Maganinsa a cike gurbin Reference entity, ko a kafa plane mai karkatar digiri 35 a jikin akwatin, iyakar ta zama 35 zuwa 145. Faɗin motsin yana nan 110, amma yanzu tazarar digiri 70 ce ta raba ƙofar da wancan gefen.