Harafi Ɗaya Tsakanin Sarki da Saki

Wani malami ya yi hukunci cewa wasan nan na wasa ƙwaƙwalwa, wanda ake ɓoye amsa a cikin wata kalma ta tambayar, sai an cire mata harafi ɗaya ko an ƙara kafin amsar ta bayyana, baƙo ne da Turawa suka shigo da shi, don haka bai cancanci zama sahu ɗaya da kacici-kacici ba. Rabin maganarsa gaskiya ne, amma hukuncin da ya gina a kanta bai tsaya ba. Lallai boko, wanda ake rubuta wasan da haruffansa, baƙo ne. Ta Ƙofar 'Yandaka Lugga ya shiga Katsina a 1903, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fitowa a Zariya a 1939. Sai dai tun kafin wannan duka, duk almajirin da ya zauna gaban malami ya karanta Uƙudul Jumani na Suyuɗi ya san jinasi naƙisi, watau kalmomi biyu da suka yi daidai in banda harafi guda da ɗaya ta fi ɗaya da shi, 'yan mata kuwa sun daɗe suna cusa gaɓoɓi cikin kalma da zaurance.

Ga yadda ake shirya wasan. Mai tambaya ya ce, "Sarki ya raba aure." Mai amsa zai auna kalmomin ɗaya bayan ɗaya har ya gane cewa sarki ce ke ɗauke da amsa, sauran jimlar kuwa sharhi ne na ma'anarta, ya cire r, ya sami saki. In ƙari ake nema sai a ce, "Soro ya hana yaro fita da dare," amsa tsoro.

Abin da mai suka bai lura da shi ba shi ne, Hausa tana da rowa ƙwarai a wannan fage, domin kusan kowace gaɓa tata baƙi ne da wasali, in ka zare wasalin sai baƙaƙe su yi karo, kalma ta mutu. Saboda haka wuraren da harafi ke zaruwa ko ƙaruwa ƙididdigaggu ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Mafi ƙasƙanci shi ne liƙa n ko r a ƙarshe, gida ya zama gidan. Wannan nahawu ne tsagwaronsa, wanda ya kawo shi a tashe shi daga tabarma. Sai sare kan kalma, kamar ruwa ya koma uwa, ko gado ya koma ado, wanda mutane ke yabo, ni kuwa ban cika ganin girmansa ba, domin a lafazi ba a cire kome ba, hamza ce ta gaji gurbin baƙin, shi ya sa mai rubutun ajami zai sa alifi ko aini a wurin, adadin haruffansa bai ragu ba.

Gwaninta tana tsakiyar kalma. A ɗauki ƙwarya. "Ƙwarya a bakin mai shaidar zur": a zare w, ta zama ƙarya. "Ƙarya ta kai mutum gaban alƙali": a zare y, ta zama ƙara. Wanda ya so ya zarce ya sare ƙ ya sami ara, amma na riga na faɗi ra'ayina a kan sare kai. Matakan biyu na farko ma ba daidai suke ba. Daga ƙwarya zuwa ƙarya kunne da ido sun yi ittifaƙi, domin in ka furta su a jere za ka ji leɓe ne kawai ya daina zagayewa, sauran sautuka suna nan yadda suke. Daga ƙarya zuwa ƙara kuwa ido ne kaɗai ya yarda, saboda wasalin farko gajere ne a ƙarya, dogo ne a ƙara, boko kuma ba ya nuna tsawon wasali. A ajami sai an ƙara alifin ja, an cire ɗaya ke nan an sa ɗaya. Tambaya irin ta farko ana iya yin ta da baki a dandali da dare, ta biyun kuwa sai da allo ko takarda, kuma a wurina ta farkon ce ta kai matsayin fasaha.

Aibi biyu ke ɓata tambaya. Na farko shubuha: tsoro in aka cire t soro ne, in aka cire s toro ne, hanya kuma tana haifar da hana da haya, to wajibi ne sharhin ya rufe ƙofa ɗaya, in ba haka ba gardama ta tashi, kowa kuma da hujjarsa. Na biyu sakaci da ƙugiya. Gyaɗa in ta rasa y gaɗa ce, ta 'yan mata da tafi, ba gada ta daji ba; wanda ya rubuta tambayarsa da na'urar da ba ta da ɗ, ya ba yara amsar da babu ita a kalmarsa.