Fara, Doguwa, Mai Dogon Hanci: Sharhi Kan Ma'aunin Kyau a Labaranmu

Sau da yawa gardama kan tashi tsakanin ɗalibai, wai shin wanda ya fifita kyakkyawa wajen neman aure ya zalunci sauran 'yan mata? A ganina bai zalunta ba. Zalunci shi ne tauye wa mutum hakkinsa, so kuwa ba bashi ba ne balle wani ya biyo shi. Hadisi ma ya lissafa kyau cikin abubuwa huɗu da ake auren mace dominsu, tare da dukiya da asali da addini, sai dai ya fifita addini. Tambayar da ta fi dacewa da mai nazarin adabi ita ce: wa ya koya wa idon abin da zai kira kyau?

Mu ɗauki tatsuniyar budurwar nan da ta rantse ba za ta auri kowa ba sai namiji marar tabo. Duk manemin da ya zo sai a bincike jikinsa a kore shi. Daga bisani ga saurayi sumul ya bayyana, ta bi shi, ashe dodo ne ya rikiɗa. Mai karatu ya lura, tatsuniyar ba ta zargi yarinyar da son kyau ba. Laifinta shi ne ta yanka ma'auni tun kafin ta ga mutum, har ta daina duban mutumin, sai ma'aunin. Duk wanda ya yi noma ko ya yi ƙuruciya yana da tabo, saboda haka sharaɗin nata ya fitar da 'yan Adam gaba ɗaya. Wannan shi ne haɗarin cewa "ni ga irin wadda nake so", idan maganar ta zama doka.

To, littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 sun juya darasin. A yawancinsu tauraruwa fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu da gashi har gadon baya, kuma ita ce mai kunya da haƙuri. Baƙa ko gajera kuwa sau da yawa ita ce muguwar kishiya. Nan ne rashin adalcin yake, domin marubuci ya ɗaure halin kirki a jikin launin fata. Saurayin da ya karanta irin waɗannan guda ashirin zai ɗauka zaɓin zuciyarsa ne, alhali aro ya yi. Budurwa kuma ta nufi kanti neman man bilicin.

Ga gwaji mai sauƙi ga marubutanmu: a musanya kamannin tauraruwa da na kishiyarta. In labarin ya rushe, to, dama fata aka rubuta, ba mutum ba. Kowa ya so wadda jininsu ya haɗu, amma alƙalami ya daina yanke wa sauran hukunci.